Yadda ake mayar da silaid ɗin PowerPoint handawut mai ɗauke da bayanin mai jawabi, silaid da yawa a shafi ɗaya

Wanda ya buɗe File ya danna Print a PowerPoint yana neman inda zai samu silaid uku a shafi, kowanne da bayaninsa a gefe, ba zai gani ba, domin babu shi. Abin da ke wurin kashi biyu ne. Akwai Handouts, wanda ke jera silaid 1, 2, 3, 4, 6 ko 9 a shafi, amma ko kalma ɗaya ta bayanin da ka rubuta a ƙarƙashin silaid ba ya fitarwa. Mai silaid uku ɗin ma da mutane ke zaton shi ne, layuka ne kawai yake zanawa a gefe domin mai sauraro ya yi rubutu da biro. Sai kuma Notes Pages, wanda ke fitar da bayanin, amma kowane silaid sai ya ci shafi guda shi kaɗai. Haɗa biyun yana buƙatar a fita daga PowerPoint, ko dai a tura aikin zuwa Word, ko a mayar da shi PDF a jera shafukan a can. Ta Word ɗin ta fi fitar da takarda mai kyau, don haka ita za mu fi tsayawa a kai.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. Za a yi wa malaman firamare 40 bita, mai koyarwa yana da silaid 24, kusan kowanne da bayani a ƙasa, kuma ana so kowane malami ya koma gida da takardarsa. In aka buga ta Notes Pages, kowa zai samu shafi 24, wato takarda 12 gaba da baya. Sau 40, takarda 480 ke nan, rim guda mai 500 ya kusa tafiya. In aka zuba silaid uku a shafi, shafi 8 ne, takarda 4, jimilla 160. Ko da wasu bayanan sun yi tsawo har shafukan suka kai 10, takarda 200 ce. Ga wanda zai biya kuɗin fotokwafi daga aljihunsa, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Gyaran da ake yi tun kafin a fitar

Kada ka taɓa ainihin fayil ɗin da za a haska a majigi. Shiga File, Save As, ka ajiye kwafi da wani suna, misali ka ƙara "handawut" a ƙarshen sunan. Duk yanke-yanken da za a yi, a kan kwafin za a yi su.

Abu na farko shi ne karanta bayanin kowane silaid da idon wanda za a miƙa wa takardar. Mai jawabi yakan rubuta wa kansa abubuwa irin su "a nan ka ba da labarin nan", ko "kada ka daɗe, lokaci ya tafi", wani lokacin har da amsar tambayar da yake shirin yi wa masu sauraro. Duk wannan zai fito a takarda in ba a goge ba. Haka kuma bayanin da aka rubuta guntu-guntu domin tuni, kalma biyu a nan uku a can, ba zai amfani wanda zai karanta bayan wata guda ba. A mayar da shi cikakkun jimloli. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci a dukan shirin, kuma shi ne ya fi ƙara wa takardar daraja.

Na biyu, cire silaid ɗin da ba su da aiki a takarda: na "barka da zuwa", na hutun shayi, na "mun gode", da duk wanda aka ɓoye da Hide Slide. Goge su gaba ɗaya daga kwafin ya fi a dogara da cewa ba za su fito ba. A misalinmu mu ɗauka bayan wannan tankaɗen ne aka samu 24.

Na uku shi ne motsi. A majigi, hoto na iya shigowa ya rufe wani, rubutu ya ɓace wani ya maye gurbinsa. Takarda ba ta san wannan ba. Duk abin da ke kan silaid ɗin zai fito lokaci guda, wani a kan wani, yadda yake bayyana a lokacin da kake gyara. Duk silaid ɗin da abubuwa suka hau juna, danna shi da maɓallin dama a jerin hagu, zaɓi Duplicate Slide, ka bar mataki na farko a ɗaya, mataki na biyu a ɗayan, sannan ka raba bayanin a tsakaninsu. Bidiyo kuma hoton fuskarsa kawai zai fito, kuma adireshin intanet da aka ɓoye a bayan kalma ba zai bayyana ba. In ana so mutane su same su, sai a rubuta adireshin ɓaro-ɓaro a cikin bayanin.

Na huɗu, launin bango. Silaid mai baƙin bango ko shuɗi mai duhu yana da kyau a ɗaki mai duhu, amma a takarda tona yake sha, kuma in aka yi masa fotokwafi sai farin rubutun ya cushe. Lokacin bugawa kai tsaye daga PowerPoint, zaɓin Grayscale ko Pure Black and White yakan cire bangon da kansa. Amma hanyar Word ba ta bi ta nan, silaid ɗin zai je can da launinsa yadda yake. Saboda haka a gyara tun daga PowerPoint. Shiga Design, duba Variants a dama, ka ga ko salon yana da nau'i mai farin bango. Wannan ya fi, domin yana juya launin rubutu tare da na bangon. In babu, danna Format Background, Solid fill, zaɓi fari, sannan Apply to All. Hatsarin wannan ta biyun shi ne farin rubutu zai ɓace a kan farin bango. Rubutun yana nan, ganinsa ne ba a yi. Sai ka bi silaid ɗin ɗaya bayan ɗaya ka mayar da shi baƙi.

Jadawali mai launuka ma yana buƙatar kallo. Ja da kore da suka bambanta a allo sukan zama toka iri ɗaya a firinta marar launi. Shiga View, danna Grayscale, ka ga yadda za su fito. In sanduna biyu sun zama ɗaya, sa wa kowace lambarta ko sunanta a kanta, kada a dogara da launi.

Daga ƙarshe a rage nauyin hotuna, domin nauyinsu ne ke sa aikin ya tsaya a tsakiya. Danna kowane hoto guda, shiga Picture Format, Compress Pictures, cire alamar Apply only to this picture, ka zaɓi 150 ppi. Tun da silaid ɗin zai fito ne da faɗin santimita 8 ko 9, wannan ya wadatar. Ajiye.

Tura shi zuwa Word

Wannan hanyar tana aiki ne a PowerPoint na kwamfuta mai Windows, kuma dole akwai Word a kwamfutar. Na waya, na burauza da na Mac ba su da ita, mai Mac sai ya bi hanya ta biyu da ke ƙasa.

1. Rufe Word gaba ɗaya in a buɗe yake, tare da duk wata manhaja mai nauyi.
2. A PowerPoint shiga File, Export, Create Handouts, sannan ka sake danna maɓallin Create Handouts da ke dama.
3. Akwatin Send to Microsoft Word zai fito da zaɓi biyar. Ɗauki na farko, Notes next to slides. Notes below slides silaid ɗaya yake ba kowane shafi, ba shi muke nema ba. Biyun da suka fara da Blank lines layuka suke sawa a madadin bayani, Outline only kuma rubutun silaid ne kawai ba hoto.
4. A ƙasa zaɓi Paste link, ka danna OK.
5. Cire hannunka daga kwamfutar har ya gama.

Mataki na biyar ba wasa ba ne. PowerPoint yana kwafar silaid ɗaya bayan ɗaya ne yana liƙawa a Word ta wurin ajiyar nan da Ctrl+C ke amfani da shi. In ka kwafi wani abu a lokacin, ko ka shiga danne-danne a Word ɗin da ke cika, aikin na iya katsewa ko wani silaid ya fito ba daidai ba. Silaid 24 marasa nauyi ba sa daɗewa, amma masu hotuna da yawa na iya ɗaukar 'yan mintuna. Word ɗin yakan tsaya a ƙasan allo yana ƙyaftawa, sai ka danna shi bayan ya natsu.

Abin da za ka tarar tebur ne mai layi uku a tsaye: lambar silaid a hagu, hoton silaid a tsakiya, bayani a dama, kimanin silaid uku a kowane shafi. Ajiye shi nan take.

Batun Paste da Paste link yana buƙatar bayani. Abin da ke cikin teburin ba hoto ba ne zalla, silaid ne mai rai, shi ya sa in ka danna shi sau biyu yake buɗewa domin gyara. Da Paste, kowane silaid yana shiga Word ne ɗauke da kayan salonsa, kuma hakan na kumbura fayil ɗin har ya ninka na PowerPoint ɗin sau da yawa, ya ƙi tafiya ta imel, ya riƙa sa Word nauyi. Da Paste link kuwa, Word yana riƙe da igiya ne zuwa fayil ɗin PowerPoint. In ka gyara silaid a can, hoton da ke Word na iya sabuntawa. Amma igiyar ta hoton ce kawai. Bayanin da ke dama rubutu ne da aka kwafa sau ɗaya, gyaran da ka yi masa a PowerPoint daga baya ba zai biyo ba, haka sabon silaid da ka ƙara ba zai shigo da kansa ba. Sannan in ka canza wa fayil ɗin PowerPoint suna ko ka kai na Word wata kwamfuta, igiyar ta tsinke, Word ya riƙa tambayarka batun sabuntawa duk lokacin da ka buɗe.

Maganin duka biyun ɗaya ne: da zarar ka tabbata silaid ɗin sun gama gyaruwa, mayar da su hotuna zalla. Danna cikin takardar, sannan:

```
Ctrl+A
Ctrl+Shift+F9
```

Na farko ya zaɓi komai, na biyu ya yanke igiyoyin. A wasu laftof sai an haɗa da Fn kafin F9 ya yi aiki. Bayan wannan, danna silaid sau biyu ba zai sake buɗe PowerPoint ba, kuma in ka ajiye za ka ga fayil ɗin ya yi sauƙi. Ka lura cewa wannan umarnin yana kashe duk wani adireshin intanet mai dannuwa da ke jikin takardar, ya bar rubutunsa kawai, wanda ga takardar bugawa ba asara ba ce.

In kuma akwatin kuskure ya fito yana cewa PowerPoint ya kasa rubutawa zuwa Word, yawanci nauyi ne ya yi yawa ko Word ya maƙale a bayan fage. Rufe su duka, in ta kama ka kashe kwamfutar ka kunna, ka sake gwadawa. In ya sake tsayawa, raba kwafin biyu, silaid 1 zuwa 12 a fayil ɗaya, 13 zuwa 24 a wani, ka tura kowanne daban, sannan ka haɗa teburan a Word. Sai dai lambobin kashi na biyu za su sake farawa daga 1, ka gyara su da hannu. In kullum a kan silaid guda yake tsayawa, matsalar a cikinsa take, galibi bidiyo ko wani jadawalin Excel da aka cusa. Ɗauki hoton abin ka sa a madadinsa.

Gyaran teburin, inda ake samun takarda mai kyau

Teburin da PowerPoint ya zuba yakan zo da ɓarnar wuri, silaid ƙanana, gefe mai faɗi. Fara da girman takarda: Layout, Size, A4. Kwamfutoci da yawa suna zuwa ne a kan Letter, takardar Amurka mai santimita 21.59 da 27.94, alhali wadda ake sayarwa a kasuwanninmu A4 ce, 21 da 29.7. In ka tsara a kan Letter aka buga a A4, layuka na iya gocewa, silaid na uku ya faɗa shafi na gaba.

Sai gefuna: Layout, Margins, Custom Margins. Sa 1.5 sama da ƙasa, 2 a hagu saboda sitefila, 1.5 a dama. In gaba da baya za a buga, a wurin Multiple pages zaɓi Mirror margins, ka ba Inside 2, Outside 1.5, domin gefen ɗinki ya riƙa sauyawa tsakanin gaban takarda da bayanta. Yanzu kana da faɗin santimita 17.5 da tsawon 26.7 na aiki.

Layin lambar silaid yana cin wuri fiye da buƙatarsa. Ja iyakarsa ya matse zuwa kamar santimita 1.2, sannan ka yi amfani da Ctrl+H ka cire kalmar Slide, lambar kaɗai ta rage. Ka yi hattara da Replace All in kalmar tana cikin bayaninka ma. Goge layin gaba ɗaya ba dabara ba ce, domin a wurin bita mai koyarwa zai ce "ku duba na 14", kuma da lambar za a nemo shi.

Ragowar santimita 16.3 ɗin ita za a raba tsakanin hoto da bayani, kuma a nan ne lissafi yake da amfani. Silaid na zamani mai faɗi, 16:9, faɗinsa santimita 33.87 ne. In ka mayar da shi santimita 8, ya ragu zuwa ƙasa da kwata kaɗan, wato 0.24. Rubutun da ke 28 a silaid zai fito kamar 6.6 a takarda, mai 24 ya zama 5.7, mai 18 ya zama 4.3. Mai shida ana iya karanta shi da ɗan ƙoƙari, mai huɗu kuwa sai dai a ga alamar akwai rubutu. Don haka ka duba ƙaramin rubutun da ke silaid ɗinka, ka ninka shi da 0.24 kafin ka yanke hukunci. In silaid ɗin kanun magana ne da manyan haruffa, santimita 8 ta isa. In akwai tebur mai ƙananan lambobi, ko dai ka faɗaɗa wannan silaid ɗin shi kaɗai, ko ka sake rubuta lambobin a cikin bayanin.

Faɗaɗa silaid guda ba wuya: zaɓi ɗakin hoton da na bayanin a wannan jerin, danna dama, Merge Cells, sai hoton ya hau sama bayanin ya koma ƙasa, ka ja hoton ya kai santimita 14 ko 15. A misalinmu, in silaid biyu ne masu jadawalin darasi na mako, su kaɗai za a yi wa haka, kowanne ya ci rabin shafi, sauran 22 su tsaya uku-uku. Shafukan za su tashi daga 8 zuwa 9, takarda 5 ga kowa. Karɓar wannan ƙarin ya fi a raba jadawalin da ba ya karantuwa.

Domin daidaita girman hotunan, danna na farko da maɓallin dama, shiga Size and Position, tabbatar akwai alama a Lock aspect ratio, sa 8 a Width, OK. Tsawon zai zama 4.5 da kansa. Daga nan danna hoto na gaba ka buga F4, wanda ke maimaita abin da aka yi na ƙarshe, haka har ƙarshe. Kada ka yi wani abu a tsakani, domin F4 abu na ƙarshe kawai yake tunawa.

Yanzu bayanin. Kai linzami saman layin dama har ya zama ƙaramar baƙar kibiya mai kallon ƙasa, ka danna, layin duka ya zaɓu. Ba shi girma 10 ko 11. Ƙasa da 10 wahala ce ga dattawa, kuma fotokwafi na ƙara dusashe shi. In bayanin da Hausa ne, zaɓi Arial ko Times New Roman, domin suna da ƙ, ɗ da ɓ. Salon rubutu na ado da yawa ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma ko ya zama ɗan akwati.

Nawa ne bayanin da zai shiga? Da silaid uku a shafi, kowane jeri yana da tsawon kusan santimita 8.9. A girma 11, da faɗin santimita 8, wannan layi 18 ne ko kusa, kowane layi kalma bakwai zuwa takwas, wato kalma 130 zuwa 140. Da silaid huɗu a shafi, jeri ya koma kusan 6.7, kuma a girma 10 zai ɗauki kalma 100 zuwa 110. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe tun lokacin da kake gyara bayanin a PowerPoint. Bayanin da ya wuce haka ba ya ɓacewa, jerin ne zai miƙe ya tura na ƙasansa shafi na gaba.

Saura saituna biyu da ke Table Properties. Zaɓi teburin duka ta ɗan akwatin da ke kusurwarsa ta hagu a sama, danna dama, Table Properties, shiga Row. Cire alamar Specify height, domin kowane jeri ya ɗauki tsawon abin da ke cikinsa kawai. Da haka silaid masu gajeren bayani za su matso, wani shafin ya ɗauki huɗu har biyar. Sannan cire alamar Allow row to break across pages, domin kada hoto ya tsaya a ƙasan shafi rabin bayaninsa ya tsallaka gaba. Iyakar wannan saitin ita ce bayanin da ya fi shafi guda tsawo: in ka hana shi tsallakawa, ƙarshensa zai yanke. Irin wannan jerin shi kaɗai a bar masa alamar.

Sa wa teburin siririn layi tsakanin jeri da jeri ta Borders, Inside Horizontal Border, domin ido ya san inda bayanin wani silaid ya ƙare. In farin bangon silaid ya sa iyakarsa ta ɓace a farar takarda, ba shi siririn layi ta Picture Border, ka sake amfani da F4. Ta Insert, Header, rubuta sunan bitar da kwanan wata, ta Page Number kuma ka sa lambar shafi a ƙasa. Takardu 40 da aka zube a tebur kafin a ɗinke, in ba lamba, haɗa su aiki ne.

Hanya ta biyu: Notes Pages da PDF

Wanda ba shi da Word, ko yake kan Mac, ko yake sauri, ga tasa. Dabarar ita ce a fitar da shafin bayani na kowane silaid a PDF, sannan a sa manhajar PDF ta jera biyu ko huɗu a takarda ɗaya.

Matsalarta ƙanƙancewar rubutu ce, kuma lissafinta a fili yake. Shafi biyu a takardar A4 yana rage kowanne zuwa kashi 71 cikin 100, shafi huɗu kuma zuwa rabi. Bayanin PowerPoint yakan zo da girma 12, wanda zai koma 8.5 a jeri biyu, ya koma 6 a jeri huɗu. Saboda haka sai an ƙara shi tukuna. Shiga View, Notes Master, danna akwatin rubutu na ƙasa, ba shi 16 in biyu za ka jera, zai fito kamar 11. In huɗu ne, ba shi 20, zai fito 10. A nan kuma za ka iya rage hoton silaid ɗin ka ja akwatin rubutun sama domin ya samu wuri. Danna Close Master View.

Daga nan shiga View, Notes Page, ka bi shafukan ɗaya-ɗaya. A nan ne za ka ga girman rubutun na gaskiya, domin ɗan akwatin bayani da ke ƙarƙashin silaid a lokacin gyara ba ya nuna shi. Abu biyu za ka nema. Ɗaya, shafin da bai karɓi sabon tsarin ba saboda an taɓa gyara shi da hannu: danna dama a farin wurin shafin, Notes Layout, sa alama a Reapply master. In rubutun ya ƙi canza girma duk da haka, daga wani wuri aka kwafo shi da girmansa, sai ka zaɓe shi ka gyara kai tsaye. Biyu, bayanin da ya zubo ya wuce ƙasan shafi, wanda ko a taƙaita shi ko a rage hoton wannan shafin.

Sannan File, Print, a wurin firinta zaɓi Microsoft Print to PDF, a wurin Full Page Slides zaɓi Notes Pages, ka sa alama a Frame Slides da Scale to Fit Paper, a ƙasa ka ɗauki Grayscale. A Mac babu Microsoft Print to PDF, sai ka zaɓi Notes a akwatin Print, sannan ka danna PDF, Save as PDF. Cire alamar Print Comments in tana nan, kada tsokacin abokan aiki ya fito a shafukansa. Buɗe PDF ɗin a Adobe Acrobat Reader, danna Print, zaɓi Multiple, a Pages per sheet ka sa 2 ko 4, Page order ya zama Horizontal. Silaid 24 ɗinmu za su zama shafi 12 a jeri biyu, takarda 6 ga kowa, 240 ga mutum 40. Ta fi ta Word cin takarda, kuma silaid mai layi ɗaya na bayani zai ci wuri daidai da mai layi ashirin, amma cikin mintuna kaɗan an gama.

A Google Slides ma haka tsarin yake: File, Print preview, ka zaɓi 1 slide with notes, ka danna Hide background in bangon mai duhu ne, sannan Download as PDF, sauran aikin a manhajar PDF.

Bugawa

Ko ta wace hanya ka bi, abin da za ka kai shagon kwamfuta ko ka tura wa mai firinta PDF ne. A Word, File, Save As, ka zaɓi PDF. Fayil ɗin Word yana sake tsara kansa a kowace kwamfuta gwargwadon salon rubutun da ke cikinta da firintar da aka haɗa mata, sai ka ga shafi 9 ya zama 11, ko haruffa masu lanƙwasa sun canza. PDF yana tafiya da salon rubutunsa a ciki, kuma yadda ka gan shi haka zai fito. Buɗe shi ka ƙirga shafukan kafin ka zuba a filash.

A wurin bugawa gaba da baya, takardar Word mai tsaye tana son Flip on long edge. Jeri biyu na PDF kuwa a kwance yake fitowa, don haka Flip on short edge yake so, in ba haka ba bayan takardar zai fito kai a ƙasa. Jeri huɗu yana komawa tsaye, sai a koma long edge. Ga fayil ɗin da aka riga aka tsara a A4, a bar girman a Actual size.

Buga kwafi ɗaya tak tukuna. Ɗauki shafin da ya fi cunkoso, ka riƙe shi a nisan da ake karatu, ka ga ko ƙaramin rubutun silaid ɗin yana karantuwa. In fotokwafi za a yi na sauran 39 ɗin, sa a yi na wannan shafin guda ka duba shi ma, domin injin yakan cinye toka mai haske da siraran layuka, ya kuma ƙara wa hotuna duhu. In rubutu mai launin toka ya ɓace, koma ka mayar da shi baƙi sosai. In hoto ya zama baƙin dunƙule, rage duhun injin da mataki ɗaya ko ka ƙara wa hoton haske ta Picture Format, Corrections. Kowane kwafi kuma a ɗauke shi daga wanda firinta ta fitar, kada a yi kwafin kwafi.